Kwalba nawa ka sha a makon jiya? Yadda mai shan giya zai rage ta da lissafi

A Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da wasu unguwannin Yamai, matashin da ke shan giya ba kasafai yake sha a fili ba. Ya fi jiran dare ya yi, ya ajiye babur nesa da ƙofar mashaya, ya shige ciki yana waige. Wani kuma leda biyu yake saya, ya shanye a lungu kafin ya koma fada wajen masu shayi. Kowa ya san hukuncin addini a kan giya, kowa ya san abin da za a ce idan labari ya kai gida. Saboda haka mai sha yana ɓoyewa, kuma ɓoyewar tana da nata illar: wanda ke tsoron a gan shi sauri yake yi, yana shanye a cikin rabin awa abin da jiki ke buƙatar awa uku ko huɗu kafin ya sarrafa.

Da yawa daga cikin waɗannan matasa sun sha rantsuwa da safe cewa sun daina, su koma kafin mako ya zagayo. Abin da suka rasa shi ne hanyar da za a bi daki-daki. Likitoci da hukumomin lafiya suna da irin wannan hanyar, kuma ta tsaya a kan abu huɗu: ka ƙidaya abin da kake sha, ka sa wa kanka iyaka, ka ba da tazara tsakanin kwalba da kwalba, sannan ka ware kwanakin da ba ka taɓa ta ko kaɗan. Ga wanda burinsa ya daina gaba ɗaya, nan ne ake farawa. Ga wanda giya ta riga ta kama jikinsa kuwa, akwai gargaɗi na musamman da zai zo a ƙasa, don shi dainawa farat ɗaya na iya zama hatsari ga ransa.

Kwalba ba ma'auni ba ce

Idan ka tambayi mai sha nawa ya sha, zai ce maka biyu kawai. To amma biyun me? Ƙaramar kwalba santilita 33 ce, babba kuma 65, kusan ninki biyu. Akwai gwangwani mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, akwai mai kashi 8 ko fiye. Shi ya sa masu aikin lafiya ba sa ƙidaya kwalabe, suna ƙidaya sinadarin barasar da ke ciki, wato abin da ke sa maye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da ma'aunin giram 10 na wannan sinadarin a matsayin sha ɗaya, kuma haka ake lissafi a Faransa. A nan za mu kira shi awo ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya, kuma duk abin da ake buƙata yana rubuce a jikin kwalbar. Ɗauki babbar kwalba mai mililita 650 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. Kashi 5 na 650 shi ne mililita 32 da rabi na barasa zalla. Tun da barasa ba ta kai ruwa nauyi ba, sai a ninka da 0,8, ya ba da giram 26. Ke nan babbar kwalba ɗaya ta haura awo biyu da rabi. Ƙaramar kwalba mai ƙarfi iri ɗaya tana da giram 13, awo ɗaya da ɗan ɗori. Gwangwanin rabin lita mai kashi 8 yana da giram 32, ya haura awo uku. Ita kuwa ƴar ledar nan ta wuski ko jin da ake rainawa, idan santilita 5 ce mai ƙarfin kashi 40, tana ɗauke da giram 16. Kurɓi biyu ne, amma ta fi ƙaramar kwalbar giya.

Akwai abin da ba ya ƙidayuwa sam: burkutu da ake awo da ƙwarya, da ogogoro da sauran haɗin gida da ake zubawa a gorar ruwa. Babu takarda a jikinsu, ƙarfin yau daban da na gobe. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya, inda doka ta hana sayar da giya, su suka fi fuskantar wannan. A watan Maris na 2013 mutane da dama suka mutu a Tirabulus, wasu ɗaruruwa suka kwanta asibiti, bayan sun sha haɗin gida da ke da gubar metanol, wadda ke makantarwa kuma tana kisa. Duk wanda ke son rage sha, irin wannan shi ne abu na farko da zai fitar daga lissafinsa baki ɗaya.

Ina iyakar take?

A 2017 hukumomin lafiyar Faransa suka fitar da ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa: kada a wuce awo 10 a mako, kada a wuce awo 2 a rana, kuma a bar wasu kwanaki a mako ba a sha ba. Birtaniya ma tun 2016 tana da ma'aunin da bai yi nisa da wannan ba, iri ɗaya ga maza da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ɗaukar giram 60 a zama ɗaya, wato awo shida, a matsayin sha mai yawa da ke jawo hatsari nan take. Da lissafinmu na sama, manyan kwalabe biyu da leda ɗaya sun riga sun wuce wannan layin.

Waɗannan lambobin ba izini ba ne. A watan Janairun 2023 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, musamman saboda alaƙarta da ciwon daji na baki da maƙogwaro da hanta da hanji da nono. Amfanin ma'aunin shi ne ya nuna wa mai sha inda yake tsaye, da nisan da ya rage masa.

Mako na farko: rubuta kawai

Bari mu ɗauki misali. A ce matashi ne ɗan shekara 27, mai gyaran salula a kasuwa, wanda idan an tambaye shi zai ce yana ɗan taɓawa ne ranar Asabar. A makon farko ba a ce ya rage komai ba. Abin da ake so shi ne duk lokacin da ya sha ya rubuta a salularsa, nan take ba da safe ba: me ya sha, nawa, ƙarfe nawa, da wa, kuma me ya faru kafin ya tafi.

Ga abin da ya fito. Litinin babbar kwalba ɗaya bayan ya rufe shago. Talata bai sha ba. Laraba biyu wajen kallon ƙwallo. Alhamis ɗaya. Juma'a bai sha ba. Asabar huɗu, da leda biyu a kan hanyar gida. Lahadi biyu, wai don ya warware gajiyar jiya. Jimilla manyan kwalabe goma da leda biyu, wato awo 26 da awo uku, 29 ke nan. Ya kusa ninka iyakar mako sau uku, alhali a ransa shi mai sha ne na ranar Asabar kawai.

Daren Asabar ɗin kaɗai ya kusa awo 14. Hanta tana sarrafa kusan awo ɗaya a awa, a jikin mutane da yawa ma ba ta kai haka ba, kuma babu abin da ke ƙara mata sauri. Kofi mai ƙarfi, shayi na farko, wanka da ruwan sanyi, farfesu mai yaji, duk suna iya wartsakar da ido amma barasar tana nan a jini. Idan ya fara sha da ƙarfe takwas na dare, lissafi mafi sassauci ya nuna jikinsa ba zai gama da ita ba sai wajen ƙarfe goma na safiyar Lahadi. Duk wanda ya hau babur da ƙarfe bakwai a wannan halin, da sauran giya a jininsa yake tuƙi, ko da yana jin kansa garau.

Rubutun ya nuna masa wani abu kuma. Ba ƙishirwar giya ce ke kai shi kowane lokaci ba. Litinin da Alhamis hanyar gidansa ce ta bi ta ƙofar mashaya. Laraba ƙwallo ce. Asabar ranar ciniki ce, kuɗi na aljihu. Kowace rana da abin da ke janyo ta, kuma kowace da maganinta.

Sa iyaka tun da rana

Iyakar da aka yanke a kan teburin mashaya ba ta tsayawa, domin abin da barasa ke fara raunanawa a ƙwaƙwalwa shi ne sashen da ke cewa ya isa. Ana yanke adadi tun da rana, ido biyu, kuma lamba ce takamaimai. Cewa yau kaɗan zan sha ba iyaka ba ce. Cewa yau kwalba biyu, kuma ƙarfe goma na tashi, ita ce iyaka.

Sannan a ɗaure iyakar da abin da ya fi niyya ƙarfi. Mafi sauƙi shi ne kuɗi: ka fita da kuɗin kwalabe biyu da na komawa gida, sauran ka bar su a gida ko wajen wanda ka amince da shi. Idan kana da bashi a mashaya, ka biya ka rufe littafin, don mai shan bashi ba ya jin zafin kwalba ta huɗu sai ƙarshen wata. Kada ka ajiye giya a ɗaki, musamman ƴan ci-rani da ke zaune su kaɗai a Abijan, Kwatano, Akara ko biranen Turai, inda ake sayen katan guda a kanti ba mai kallon ka. Abin da ke cikin firji da ƙarfe ɗaya na dare, shan sa za a yi.

Babban abin da ke rusa iyaka a wajenmu shi ne zagaye: wannan ya saya wa tebur, wancan ya rama, kai ma kunya ta hana ka tashi ba ka rama ba. Idan ku biyar ne, kwalba biyar ke nan ta hau kan kowa, kuma saurin wanda ya fi kowa sha shi ne saurin tebur. Mafita ita ce ka faɗa tun zuwanka cewa yau kowa ya ji da nasa, ko ka yi naka zagayen da wuri amma kai ka karɓi lemo ko ruwa. Tanadi amsa gajera tun daga gida. Da babur na zo. Gobe da sassafe ina da aiki. Ina ragewa ne. Ba sai ka yi dogon bayani ba, don dogon bayani shi ke buɗe ƙofar gardama.

Matashin misalinmu a mako na biyu ya yanke abu uku: babu leda, Asabar ba za ta wuce kwalba uku ba, Litinin kuma zai canza hanya ya bi ta wani titi. Wannan kaɗai ya saukar da shi zuwa manyan kwalabe takwas, kusan awo 21. A mako na uku ya koma ɗaya ranar Laraba, ɗaya Alhamis, biyu Asabar, ɗaya Lahadi: kwalabe biyar, awo 13.

Tazara: abin da agogo ke yi

Illar barasa a dare guda ta dogara da yadda ta taru a jini, ba yawanta kaɗai ba. Ana fara jin ta bayan ƴan mintoci, amma ba ta kai ƙololuwa sai bayan rabin awa zuwa awa guda, ko fiye idan akwai abinci a ciki. Wanda ya shanye kwalba a minti goma ya ce bai ji komai ba ya buɗe ta biyu, ta farkon ba ta gama isowa ba tukuna. Zuwa lokacin da ta uku ta shiga, duka ukun suke haɗuwa a kansa.

Saboda haka dokar tazara ita ce awo ɗaya a awa guda. Ƙaramar kwalba ta ɗauki awa ɗaya ko fiye, babba ta ɗauki awa biyu da rabi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wanda zai iya riƙe babbar kwalba tsawon haka ba ta yi ɗumi ba, shi ya sa ake hanzarin shanye ta. Wannan shi ne dalilin komawa ƙaramar kwalba, ko da lissafin kuɗi ya nuna babbar ta fi araha.

Abu na biyu shi ne ruwa. Wanda ya wuni a rana ya iso da ƙishirwa, kwalbar farko kamar ruwa yake shan ta. Ka sha ledar ruwa ɗaya ko biyu kafin ka taɓa giya, sannan tsakanin kowace kwalba da ta gaba ka sa wata ledar ruwa ko lemo. Ruwan ba ya kashe barasa. Aikinsa shi ne ya cinye lokaci, ya ba hannu abin riƙewa, kuma ya mayar da ruwan da giya ke fitarwa ta fitsari, wanda ke cikin abubuwan da ke kawo ciwon kan safiya.

Na uku abinci. Idan ciki wayam ne, barasa tana wucewa hanji da sauri ta shiga jini. Tuwo, shinkafa da wake ko dambu kafin a fita suna rage wannan saurin sosai. Amma gyaɗa mai gishiri da tsire mai yaji da ake ci a kan tebur ƙishirwa suke ƙarawa, su sa a ƙara oda. Kuma kada ka yarda a cika maka kofi kafin ya ƙare, don da zarar an fara ɗori a kan saura, lissafi ya ɓace.

Kwanakin da ba a sha

Ranar hutu tana yin aiki biyu. Tana karya sabon da ya sa rufe shago da buɗe kwalba suka zama abu ɗaya, kuma tana hana jiki ƙara sabawa. Wanda ke sha kullum yana lura cewa kwalba biyun da ke isar sa bara ba ta isar sa bana. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin ƙarfin kai, alhali alama ce cewa ƙwaƙwalwa ta fara daidaita kanta da barasa, hanta kuma tana ɗaukar nauyin duk abin da aka ƙara.

Ana zaɓar kwanakin tun farkon mako, da sunansu. A fara da biyu, a kai uku, a kai huɗu, kuma ya fi kyau wasu su kasance a jere. Sannan a cika lokacin da abin yi, domin ƙarfe takwas na dare za ta zo ko an shirya ko ba a shirya ba. Fadar shayi, kallon ƙwallo a gidan kallo da ba a sayar da giya, zuwa filin wasa da yamma, makarantar dare, ziyarar gida. Ga ɗan ci-rani, sa lokacin kiran iyali ta bidiyo daidai lokacin da ya saba sha yana aiki fiye da yadda ake zato, don ba wanda ke son mahaifiyarsa ta ga idonsa ya kaɗa.

Sha'awar za ta taso. Abin da ya kamata a sani shi ne tana hawa ne ta sauka kamar guguwa, sau da yawa cikin minti ashirin zuwa talatin, idan ba a tsaya ana kallon ƙofar mashaya ba. Ci abinci, yi wanka, fita ka taka, kira wani. Barci ma yana iya yin wuya a dararen farko ga wanda ya saba kwanciya da giya. Giya tana sa barci ya zo da wuri amma tana lalata rabinsa na biyu, shi ya sa mai sha ke farkawa da tsakar dare ya kasa komawa. Bayan ƴan kwanaki barcin yana daidaita, kuma yana cikin ribar farko da ake gani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tara bashi: na huta kwana huɗu, don haka Asabar zan rama. Awo goma a dare ɗaya ya fi awo goma a kwana biyar hatsari nesa ba kusa ba, domin a irin wannan daren ne ake faɗuwa da babur, a yi faɗa, a kwana da wanda ba a sani ba babu kariya. Haka kuma bayan dogon hutu, kamar watan azumi, jiki ya rage sabawa. Wanda ya koma bayan salla da adadin da ya saba sha a da, zai bugu fiye da yadda yake tsammani.

A mako na huɗu matashinmu ya koma ƙananan kwalabe: biyu Laraba, uku Asabar, biyu Lahadi, sauran kwana huɗun babu. Bakwai ke nan, kusan awo tara. Ya shiga ƙasan iyakar mako, ko da yake a kwanakin da yake sha har yanzu yana wuce awo biyu, kuma nan ne aikinsa na gaba. Ta fuskar aljihu, idan muka ɗauka babbar kwalba jaka guda ce, ƙarama kuma sefa 600, ya sauko daga sama da jaka goma a mako zuwa jaka huɗu da ƴan kai. Bambancin ya haura jaka ashirin a wata. Idan yana zuba wannan kuɗin a adashi ko yana aikawa gida duk ranar Lahadi, yana da abin gani da ido da zai riƙe shi.

Idan aka zame

A ce a mako na biyar aka yi bikin aboki, ya sha manya biyar. Mutane da yawa a nan suke watsar da komai, su ce ai ba za su iya ba. Abin yi shi ne a rubuta biyar ɗin kamar yadda aka rubuta sauran, ba ragi, a duba me ya faru: an je da yunwa ne, an shiga zagaye, ko ba a sa lokacin tashi ba? Washegari ta zama ranar hutu, ba ranar shan ta warware gajiya ba. Zamiya ɗaya a wata ba ta goge makonni huɗu.

Amma idan zamiyar ta zama ita ce ƙa'ida, wannan labari ne daban. Wanda ya yi wata guda ko biyu yana sa iyaka yana karyawa kusan kowane lokaci, wanda da zarar ya fara ba ya iya tsayawa, wanda ke farkawa bai tuna yadda ya iso gida ba, ragewa ba za ta yi masa ba. Hanyarsa ita ce dainawa gaba ɗaya tare da taimakon likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da gwajin tambayoyi goma mai suna AUDIT da ma'aikacin lafiya ke yi cikin ƴan mintoci, kuma maki 8 ko fiye na nuna shan ya shiga layin hatsari. Akwai kuma magungunan rage sha'awar giya, irin su naltrexone da acamprosate, waɗanda hukumar ta sa cikin jerin muhimman magungunanta a 2023. Likita ne ke rubuta su, ba a sayen su a tebur.

Wanda bai kamata ya daina farat ɗaya ba

Matashin misalinmu yana da kwana biyu a mako da ba ya sha kuma ba ya jin komai a jikinsa, shi ya sa zai iya ragewa da kansa. Wanda ke sha da yawa kullum na tsawon watanni ko shekaru, halinsa daban ne. Alamominsa su ne karkarwar hannu da safe, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba da bugun zuciya da sauri, waɗanda ke lafawa da zarar ya kurɓa. Ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki ƙarƙashin nauyin barasa, idan aka janye nauyin lokaci guda sai ta birkice.

Alamun suna farawa awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe. A cikin kwana biyun farko mutum na iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wajen kwana na biyu zuwa na huɗu wasu ke shiga ruɗewa mai tsanani: zazzaɓi, rashin sanin inda suke, ganin ƙwari ko mutanen da babu su. A gidajenmu sau da yawa ana cewa iskoki ne, a kulle mutum a ɗaki ko a ɗaure shi. Wannan hali yana kisa idan ba a kai asibiti ba, kuma yana da magani idan an kai da wuri. Duk mai irin waɗannan alamun ya fara zuwa asibitin unguwa ko babban asibiti, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha, don a tsara masa yadda zai sauka ƙarƙashin kulawa. Sirrin mara lafiya wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya. Wannan gargaɗin ya fi muhimmanci a jajibirin azumi, lokacin da mutane da yawa ke yanke sha a dare ɗaya.

Akwai kuma waɗanda babu wata iyaka da ta dace da su sai sifiri. Mace mai ciki ko mai neman ciki. Duk wanda zai tuƙa mota ko babur. Mai farfaɗiya. Mai shan maganin tarin fuka ko metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl. Mai shan taramol ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, domin haɗa su da giya na iya tsayar da numfashi cikin barci. Sai mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu sosai a Afirka ta Yamma, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Giya a kan wannan ciwon tana hanzarta lalacewar hanta. Gwajin jini ɗaya ne ke nuna shi, kuma duk mai sha ya kamata ya yi shi kafin ya fara lissafin kwalabe.

Maganar gida da ta addini

Wani mai karatu zai ce me ya kawo maganar ragewa a kan abin da aka haramta. Hukuncin a bayyane yake, kuma babu lissafin giram da ke canza shi. Malaman tafsiri suna bayanin cewa haramcin ya sauka ne a matakai, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i har zuwa Ma'ida inda aka rufe ƙofar, kuma hukuncin ƙarshen shi ne ke aiki. Tambayar da ke gaban iyaye da ƴan uwa ita ce yadda wanda ya riga ya faɗa ciki zai fito da ransa da lafiyarsa. Gori da tonon asiri a gaban jama'a sukan mayar da mai sha lungu, inda ya fi yin sauri kuma leda ta fi kwalba sauƙin ɓoyewa.

Abin da ya fi amfani shi ne mutum ɗaya da ya san lissafin: yaya, aboki, mata, ko abokin ɗaki a ƙasar waje. Aikinsa kaɗan ne. Ya riƙe kuɗin ranar ciniki, ya duba rubutun mako duk ranar Lahadi ba tare da faɗa ba, kuma ya san alamun da ke nufin a tafi asibiti yanzu. Idan ya tarar da mai shan ya bugu har ba ya farkawa, kada ya bar shi a rigingine ko shi kaɗai, kada ya ɗura masa kofi ko ruwa. Ya kwantar da shi a gefensa ɗaya don kada amai ya shaƙe shi, idan kuma numfashinsa ya yi ƙasa ko ba ya amsa kira, ya nemi abin hawa zuwa asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.